Ba Tukunyar da Ke Fita Sai Inna Ta Ɗanɗana

Ni ce auta a gidanmu, don haka duk aikin da kowa ya ƙi, a kaina yake ƙarewa. Inna ce ta kafa sana'ar, shekara ashirin da shida ke nan muna yi wa mutane girkin taro. Yaya ce ke kan murhu yanzu. Kawu, ƙanen Inna, shi ke jan motar kai abinci. Ni kuwa aka bar ni da waya da littafin oda, daga baya aka ƙara mini da shafin yanar gizo, wai tunda ni ce na yi boko mai nisa.

Mai haɗa mana shafin mutum ne mai sanyin magana da taurin kai. Ya sa hotuna, ya sa jerin abinci, ya sa lambar waya, sannan ya nuna mini wani fili fari fat mai taken "Game da Mu", ya ce wannan ba aikinsa ba ne, namu ne. Na zauna na zuba masa Hausa mai daɗi: mu ne kan gaba, abincinmu ba na biyunsa, tsabta ita ce takenmu. Ya karanta ya miƙo mini wayata. Ya ce in cire sunanmu in sa na kowane mai abinci a garin, in ga ko akwai kalmar da za ta canza. Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa.

Ya ce wanda ya buɗe wannan fili abu ɗaya yake son sani, hannun wa zai damƙa wa baƙinsa. In rubuta gajere, jimla biyar ko shida, da bakinmu, kamar muna magana da mutum a ƙofar kicin. In faɗi ko su wane ne mu da lokacin da muka fara. In kawo abu guda na gaskiya wanda ba mai iya faɗarsa sai mu. In faɗi abin da mutum zai iya zuwa ya gani da idonsa. Hoton ma namu za a sa, ba na wasu baƙi masu fararen haƙora da ake tsinta a yanar gizo ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙara da wata magana wadda a ranar na ɗauka iyayi ne.

"Kada ki rubuta abin da ba za ki iya tsayawa a kansa ba ranar da aka tambaye ki. Mutane suna yarda da abin da ke wurin nan fiye da yadda kike zato."

Abu guda na gaskiya bai yi mini wuyar samu ba, yana rataye a ƙusa kusa da tagar kicin. Cokalin katako ne, baƙi ƙirin don tsufa, gefensa ɗaya ya cinye. Da shi Inna ke ɗanɗana kowace tukunya kafin a juye. Takan ɗiba, ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta rufe ido. In ta ce "a juye" an juye. In ta yi shiru, Yaya ta san da saura.

Ga abin da na rubuta, har yau na haddace shi:

"Mu iyali ne. Mahaifiyarmu ta fara wannan girki da tukunya biyu shekara ashirin da shida da suka wuce, yau ita da 'ya'yanta biyu da ƙanenta ne ke yin sa. Ba tukunyar da ke fita daga kicin ɗinmu sai Inna ta ɗanɗana ta da cokalinta na katako. Idan a baƙinku akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci, ku faɗa mana, muna da tukunya da cokula da tebur na daban dominsa. Takardar duba tsabtarmu tana manne a bango, ƙofarmu kuma a buɗe take ga mai son gani."

Mai shafi ya ce yanzu na yi magana. Duk jimlolin gaskiya ne. Teburin na daban yana nan a lungun dama, komai nasa da shuɗin fenti a mariƙi, tukunya, cokula, wuƙa, katakon yanka, har robar wanke-wankensa shuɗiya ce. Inna ce ma ta ƙirƙiro tsarin tun muna yara, kuma ita ta kafa dokar cewa cokalinta ba ya ƙetarawa can, don katako yana shan abin da ya taɓa, wanki ba ya fitar da shi duka. In za ta ɗanɗana shuɗiyar tukunya, sai ta wanke hannu ta ɗauki shuɗin cokali. Na taɓa shan rankwashi a kan wannan doka ina 'yar shekara goma.

Abin da ban rubuta ba shi ne, Inna ta fara mantuwa.

Wata huɗu ke nan muna gani muna kau da kai. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta ajiye makullin sito a cikin firij. Wata rana ta tsaya tsakiyar kicin da albasa a hannu tana kallonta kamar wani ne ya ba ta ajiya. Likita ya faɗi abin da ya faɗa, muka ce tsufa ne kawai, muka bar kaza cikin gashinta. Yaya ta koma sake ɗanɗana kowace tukunya a ɓoye bayan Inna ta juya baya. Ba wanda ya taɓa furta komai, ko a tsakaninmu.

Ranar da aka wallafa rubutun na karanta wa Inna. Ta sa na maimaita jimla ta uku har sau uku, tana murmushi tana shafa zanenta. Ta sa aka buga shi a takarda, Kawu ya manna mata kusa da ƙusar cokalin. Daga nan kullum da safe kafin a kunna wuta sai ta ce, "Auta, karanta mini abin nan." In na zo jimlarta sai ta riga ni. Tana manta ranar da muke ciki, tana manta ko ta karya kumallo, amma wannan jimla ta zauna mata daram. Da farko abin ya yi mini daɗi. Daga baya na lura ta daina zama a kujerarta, kullum tana zagaya tukwane da cokali a hannu tun kafin su tafasa, kamar mai gadin da aka ce za a zo duba shi.

Oda kuwa ta ƙaru. Mutane suna kira suna tambayar lafiyar Inna kamar sun san ta. Wata ma ta ce a gaishe mata da cokalin. Yaya ta ce ai na zama marubuciya, saura in fara sa gilashi ina raina su.

Ana nan sai wata mata ta kira. Muryarta a natse, irin ta wanda ya saba yin tambaya ɗaya a wurare da yawa. Za ta yi wa 'yarta walimar cika shekara bakwai ranar Asabar, mutum talatin. Yarinyar jikinta ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan. Ba wai ƙaiƙayi ko borin jini ba, maƙogwaronta ke kumbura numfashi ya tsaya. Sau biyu ana kwasar ta zuwa asibiti, na biyun a kan ɗan abin da ya taɓa cokali ne kawai. Tun daga nan yarinyar ba ta cin abincin kowa sai na uwarta, ko a taro da kwanonta take zuwa. Bana ta roƙi abu ɗaya, ta ci irin abin da ƙawayenta ke ci.

Matar ta ce ta duba shafuka sun fi goma, kowa yana cewa shi ne gwani. Namu ne kawai ya yi mata kama da maganar mutane. Washegari ta zo da kanta, ta ga takardar bango, ta ga lungun shuɗi, ta ɗaga tukunyar ta duba gindinta. Muka yi da ita abincin baƙi ba za a sa masa gyaɗa ba, na yarinyar kuma za a dafa shi daban a shuɗiyar tukunya, irinsu ɗaya a ido, a rufe shi a mazubinsa. Inna tana zaune a kujerarta ranar, fes da ita, ta gaisa da matar har da sa albarka. Da na rako matar bakin mota sai ta juyo.

"Har yanzu ita ke duba komai, kamar yadda kuka rubuta?"

"Ita ce," na ce.

"To hankalina ya kwanta. Tsofaffin nan ba sa wasa da amana."

Na tsaya ina ɗaga mata hannu. Ban yi ƙarya ba, haka na yi ta gaya wa kaina. Amma na san abin da ta tambaya, na kuma san ba shi na amsa ba.

Ranar Asabar oda biyu gare mu. Akwai ta matar, akwai ta wani ofis da ke taron ma'aikata, su kuma miya mai gyaɗa suka nema. Da ma tun Laraba Yaya ta ce kada mu haɗa su rana ɗaya, ni na ce ai ba yau muka fara ba, lungun shuɗi don me aka yi shi. Muka tsara abin. Yaya ta fara dafa na yarinyar tun da sassafe kafin a buɗe robar gyaɗa, ta rufe tukunyar, ta bar ta a kan teburinta. Sannan aka yi na baƙin walimar. Miyar ofis ita ce ta ƙarshe, can ɗaya gefen. Ni aikina ranar ido a kan Inna.

Na sa mata ido kuwa, har wajen ƙarfe sha ɗaya. Sai mai kawo gas ya iso yana ta danna hon, Yaya ta fita bayan gida kwaso mazubai, ni na leƙa waje in nuna masa inda zai sauke. Minti biyar ne, ko bakwai. Da na dawo Inna tana kujerarta, hannuwanta a cinya, tana kallon taga. Na kalli ƙusa, ba cokali. Na ce a raina yana cikin wanke-wanke, don lokaci ya ƙure kuma ba na son in san wani abu daban.

Yaya ta wanke hannu ta juye na yarinyar a mazubi, ta manna shuɗiyar takarda a murfin. Ƙarfe sha biyu Kawu ya ja mota. Gidan matar zai fara zuwa, sannan ofis. Walima ƙarfe biyu.

Ɗaya da kwata na je lungun shuɗi in wanke kayansa. Na ɗaga murfin tukunyar da ke kife a cikin shuɗiyar roba, sai ga cokalin katako kwance a ƙarƙashinsa. A bakinsa akwai ƙwayar shinkafa biyu, irin wadda aka dafa wa yarinyar. A wuyansa, inda katakon ya tsage, miyar ofis ta bushe, launinta ba ya ɓuya.

Ban yi ihu ba. Na kira Yaya da hannu, ta zo ta gani, ta dafa bango. Na je na durƙusa gaban Inna, na sassauta murya yadda ake yi wa yaro, na tambaye ta ko ta taɓa shuɗiyar tukunya. Ta dube ni da mamaki, har da ɗan jin haushi.

"Ba tukunyar da ke fita daga kicin ɗinmu sai Inna ta ɗanɗana ta da cokalinta na katako," ta ce. "Ba ke kika rubuta ba?"

"Wacce kika fara taɓawa, Inna? Ta gyaɗar ko shuɗiyar?"

Ta kalli tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Na ga tsoro ya shigo idonta a hankali, ita ma ta gane akwai abin da ya kamata ta sani wanda ba ya nan. Ta ce a yi haƙuri, ba ta san wa take ba haƙurin ba.

Yaya ta fara lissafin da mai neman mafita ke yi. Wataƙila shuɗiyar ta fara taɓawa. Wataƙila bayan an juye ne ta kankari gindin tukunyar. In muka kira muka ce Inna ta rikice, magana za ta zaga gari, sunan da ta gina shekara ashirin da shida ya zube a yini ɗaya. Tana faɗa tana kuka, ita kanta ba ta yarda da abin da take faɗa ba. Ni dai muryar matar nake ji tana cewa ɗan abin da ya taɓa cokali ne kawai.

Na kira lambarta. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake, na sake. Wa ke duba waya yana shirin karɓar yara talatin? Na tura saƙo da manyan baƙaƙe cewa kada yarinyar ta ci komai daga wurinmu, saƙon ya shiga, ba a buɗe ba. Na kira Kawu, ya ce ya sauke na gidan tun ɗazu, yanzu yana harabar ofis yana jiran a karɓi kaya. Na ce ya bar komai ya koma. Ya fara tambayar dalili, na daka masa tsawa, abin da ban taɓa yi wa ƙanen uwata ba. Ya ce hanyar akwai cunkoso, minti talatin in an yi sa'a. Agogon bango ya nuna ɗaya da minti ashirin da biyar. Na tuna yara ba sa jiran ƙarfe biyu, barin ma yarinyar da ta shekara tana jiran wannan kwano.

Inna ta tashi ta je gaban takardar rubutuna da ke kusa da ƙusa tana bin layukan da yatsa. Na ci gaba da kira, ina ƙirgawa don kada in haukace. A kira na sha huɗu aka ɗauka. Hayaniyar yara ta cika kunnena.

"Kada ta ci," na ce, ko sallama ban yi ba. "Mazubin shuɗin, kada ta taɓa shi. Ta ci?"

Na ji an ture kujera, na ji takun gudu, na ji matar ta kira 'yarta da wata murya da ba na fatan in sake ji. Wayar ta faɗi a kan wani abu. Na daɗe ina sauraron ƙafafun mutane da kiɗan yara, ina riƙe da gefen tebur.

Da ta dawo numfashinta yana sama. Ta ce an zuba wa yarinyar a faranti, tana jiran ƙawarta ta wanke hannu su fara tare. Cokali yana hannunta. Ba ta kai baki ba.

Na zauna a ƙasa. Na gaya mata komai, har da mantuwar Inna, har da wata huɗun da muka yi muna rufewa. Na ce ta janye na baƙin ma, don ban san inda cokalin ya shiga ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Can ta ce:

"Na tambaye ki a bakin mota."

"Kin tambaye ni."

Ta kashe wayar. Kawu ya gaya mana daga baya cewa ya tarar da yarinyar a lungu tana cin burodi daga kwanonta na kullum, sauran yaran ma burodin aka raba musu. Ya kwaso mazubanmu yadda ya kai su. Bai yi mini maganar tsawar ba har yau.

Ranar Litinin na buɗe shafin. Mai shafi ya riga ya koya mini yadda ake gyara, don haka ban nemi kowa ba. Na daɗe ina kallon jimla ta uku. Ita ce ta kawo mana mutane, ita ce kuma abin da Inna ke riƙe da shi. Na goge ta, na rubuta: "Shekara ashirin da shida Inna tana ɗanɗana kowace tukunya da cokalinta na katako. Yanzu ta huta, babbar 'yarta ce ke wannan aiki, da sabon cokali ga kowace tukunya." A jimlar masu lalurar abinci na ƙara cewa muna amfani da gyaɗa a kicin ɗinmu, kuma ba ma haɗa irin wannan oda da girkin gyaɗa a rana ɗaya. Yaya ta karanta ta gyaɗa kai. Na danna wallafa. Cokalin kuwa na naɗe shi a tsumma na kai ɗakina, Kawu ya cire takardar da ke kusa da ƙusa, ya yi wa lungun shuɗi ƙofa da sakata.

Washegari da safe Inna ta shigo kicin ta nufi ƙusa kai tsaye. Ta shafa ta, ta shafa inda takardar take a da. Sannan ta zauna a kujerarta ta ce, "Auta, karanta mini abin nan."

Yaya ta daina yankan albasa. Tsohon rubutun yana kaina, da na so sai in karanto mata shi da ka, ba za ta taɓa sani ba. Amma na gaji da wannan hanyar. Na buɗe wayar na karanta abin da ke shafin, a hankali, ina jiran ta katse ni a jimla ta uku, ta yi faɗa, ta tambayi wanda ya ba ni izini. Na shirya wa faɗan, har ina marmarinsa.

Ta saurara har ƙarshe, kanta a karkace. Ta yi ɗan murmushi irin na jin labarin kirki.

"Allah sarki, baiwar Allah, ta yi ƙoƙari," ta ce. "Shekara ashirin da shida. Kin san ta ne, Auta?"

Na ce na san ta. Ta ce in na gan ta in gaishe ta.